Tambayoyi da amsoshi kan tsara jawabin lafiya ga ɗalibai mata: tsaftar al'ada, ciwon mara da lokacin zuwa asibiti

An rubuta waɗannan amsoshi domin malama ko ma'aikaciyar jinya da aka ba wa darasi guda, na kimanin minti 45, ta yi wa 'yan mata masu shekara 10 zuwa 15 bayani kan jinin al'ada. Abin da aka fi ba wa muhimmanci shi ne yarinya ta fita daga ajin tana iya bambance abin da yake daidai da abin da yake buƙatar likita, ta hanyar ƙirga kwanakinta, da yawan audugar da ta canza, da lura da yadda ciwon ya amsa magani.

Da me ya kamata a fara, kuma yaya za a raba lokacin?

Ya fi kyau a fara da raba wa kowace ɗaliba 'yar takarda, a ce ta rubuta tambayarta ba tare da suna ba, ta jefa a cikin kwali. Wadda ba ta da tambaya ma ta jefa takardar haka nan, domin kada a gane wa ta tambaya. Mai jawabin ta duba takardun kafin ta yi nisa, saboda su ne za su nuna mata ko akasarin ajin ba su fara al'ada ba, ko kuwa sun fara kuma ciwo ne ya fi damun su.

Daga nan a ba wa bayanin abin da ke faruwa a cikin jiki kimanin minti 7, tsafta minti 10 tare da nuna kayan a aikace, ciwon mara minti 10, alamomin zuwa asibiti minti 10, sauran kuma a amsa tambayoyin kwali. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɓata rabin lokacin ana zana mahaifa a allo da jera sunayen sassanta, har a buga ƙararrawa ba a kai ga alamomin haɗari ba. Idan lokaci ya ƙure, bayanin sassan jiki ne ya kamata a taƙaita, domin yarinyar da ba ta haddace sunan bututun ƙwai ba babu abin da zai same ta, amma wadda ba ta san cewa jinin kwana 10 ya wuce ƙa'ida ba tana iya shafe shekara jininta yana ƙarewa a hankali.

Yaya za a bayyana al'ada a taƙaice ba tare da an ruɗa su ba?

Jimloli huɗu sun isa. Kowane wata bangon cikin mahaifa yana yin kauri, yana cika da jijiyoyin jini, domin shirin karɓar ciki. Wajen tsakiyar wata gidan ƙwai yana sakin ƙwai guda. Idan ciki bai shiga ba, sinadaran jiki da ke riƙe da wannan bango suna raguwa, sai ya saɓule ya fita ta farji tare da jini. Bayan nan mahaifa ta sake gina wani sabo.

A ƙara musu da cewa jinin da ke fita jini ne irin na sauran jiki, haɗe da ɓarɓashin bangon mahaifa da majina, kuma launinsa yana canzawa daga ja mai haske zuwa ja mai duhu ko ruwan ƙasa a kwanakin ƙarshe, saboda wanda ya jima kafin ya fito yana yin duhu. Yara da yawa suna tsorata da wannan launi na ƙarshe, suna zaton ciwo ne.

Waɗanne alƙaluma ne ya kamata a rubuta a allo?

Kaɗan ne, kuma yana da kyau kowace ɗaliba ta kwafe su a bayan littafinta. Yawancin 'yan mata suna fara al'ada tsakanin shekara 10 zuwa 15, galibi shekara 2 zuwa 3 bayan nono ya fara fitowa. Jinin yakan ɗauki kwana 2 zuwa 7. Tazarar da ke tsakanin ranar farko ta wannan al'ada da ranar farko ta mai zuwa takan kama daga kwana 21 zuwa 45 a shekarun farko, sannan ta daidaita zuwa kwana 21 zuwa 35 idan an girma. Canza auduga sau 3 zuwa 6 a yini daidai ne.

Dole a tsaya a koya musu yadda ake ƙirgar, domin a nan ake yawan kuskure. Ranar da jini ya fara zuwa ita ce rana ta ɗaya, kuma daga ita ake ƙirgawa har zuwa ranar da ke gab da zuwan jini na gaba. Wasu suna fara ƙirga daga ranar da jinin ya ɗauke, sai lissafinsu ya gajarta da kusan mako guda, su ɗauka al'adarsu tana zuwa da wuri. A kuma gaya musu cewa kwana 28 da ake yawan ambata matsakaici ne kawai, wadda nata yake zuwa duk bayan kwana 24 ko 33 lafiyarta ƙalau.

Game da yawan jinin, abin da ke fita a dukan kwanakin al'ada yakan kai mililita 30 zuwa 40, wato babban cokali biyu zuwa uku, kuma likitoci suna ɗaukar abin da ya haura mililita 80 a matsayin mai yawa. Sai dai babu mai iya auna wannan a gida, shi ya sa ake amfani da yawan auduga da saurin jiƙewarta a madadinsa.

Idan al'ada ta yi tsalle wata ɗaya ko biyu a shekarar farko, matsala ce?

Yawanci ba matsala ba ce. A shekara biyun farko gidan ƙwai ba kowane wata yake sakin ƙwai ba, saboda haka jinin yakan zo da wuri ko ya makara. Iyakar da za a ba su ita ce kwana 90: idan aka kai wata 3 cur ba a ga jini ba, ko da a shekarar farko ne, a je a duba. Dalilin yana iya zama rama mai yawa, ko motsa jiki mai tsanani, ko damuwa, ko matsalar sinadaran jiki kamar wadda ke zuwa da ƙiba da ƙuraje da tsirowar gashi a haɓa, ko kuma ciki.

Me za a nuna musu a aikace a ɓangaren tsafta?

Mai jawabin ta zo da ɗan kamfai sabo, da audugar mata, da ƙyalle mai tsabta, da kofin ruwa mai launi. Ta ɓare takardar da ke bayan audugar a gabansu, ta manna ta a tsakiyar kamfan, ta naɗe fukafukan ta ƙasa, sannan ta zuba ruwan a hankali domin su ga yadda auduga take idan ta cika rabi da yadda take idan ta jiƙe sharkaf. Wannan gwaji yana da amfani daga baya, lokacin da za a yi maganar zubar jini mai yawa, saboda sun riga sun ga abin da ake nufi da auduga ta cika.

Ƙa'idar canzawa ita ce duk bayan awa 4 zuwa 6, ko da audugar ba ta cika ba, kuma da wuri idan ta cika. Dalilin shi ne jinin da ya zauna a wuri mai ɗumi da gumi yana jawo wari, yana kuma sa fatar cinya da gefen al'aura su saɓule ko su yi ƙuraje. A lissafa musu da lokacin makaranta: wadda ta sa auduga da ƙarfe 7 na safe, ya kamata ta canza a lokacin tara, kafin azahar, kada ta jira sai an tashi. A wanke hannu da sabulu kafin canzawa da bayansa. Audugar da aka cire a naɗe ta a cikin ledarta ko takarda a jefa a kwandon shara, kada a jefa a masai mai ruwa domin tana toshe bututu.

Wadda take amfani da ƙyalle fa, a hana ta?

A'a. Ƙyalle mai tsabta yana aiki, kuma idan mai jawabin ta nuna ƙyamarsa, 'yan matan da ba su da wani zaɓi za su yi shiru, su ci gaba da amfani da shi ba tare da sun ji yadda ake kula da shi ba. Abin da ke kawo matsala shi ne yadda ake wankewa da shanya shi.

A zaɓi yadin auduga mai laushi da ke shan ruwa, a guji mai santsi irin na roba. A tanadi guda 5 ko 6 domin a samu na canji yayin da wasu ke bushewa. Bayan an cire, a fara ɗauraye shi da ruwan sanyi, saboda ruwan zafi yana sa jini ya kama yadi, sannan a wanke da sabulu a ɗauraye sosai har kumfa ya fita. A shanya a rana inda iska ke kaɗawa har ya bushe ƙayau. A nan ne kunya take shiga, har wasu su shanya a ƙarƙashin katifa ko a lungun ɗaki, ƙyallen ya kwana da danshi ya yi fumfuna, a sake sa shi a jiki ya jawo ƙaiƙayi. Dabarar da za a ba su ita ce su shanya a igiya su rufa wani siririn yadi a kai, ko su goge shi da dutsen guga mai zafi bayan ya bushe. A adana a cikin jaka mai tsabta a wuri busasshe, kuma ba a aron ƙyallen wata, ko da 'yar'uwa ce.

Yaya ake wanke jiki a kwanakin al'ada?

Wanka kullum daidai ne, kuma ruwa mai ɗumi yakan rage ciwon mara. Wajen al'aura kawai ake wankewa, da ruwa, daga gaba zuwa baya domin kada a kwaso ƙwayoyin cuta daga dubura zuwa mafitsara. Ba a zuba ruwa ko sabulu ko turare ko maganin kashe ƙwayoyin cuta a cikin farji. A ciki akwai ƙwayoyi masu amfani da suke riƙe wurin da ɗan tsami, kuma wannan tsami ne ke hana masu cutarwa yaɗuwa. Idan aka wanke su, sai a samu abin da ake gudu, wato wari da ƙaiƙayi da fitar ruwa.

Ya kamata a ambaci tamfon da kofin al'ada?

A ambace su a taƙaice, domin wasu za su ci karo da su. Tamfon dunƙulen auduga ne da ake sawa cikin farji ya tsotse jini, kofin al'ada kuma ƙaramin kofi ne mai laushi da ake sawa a ciki ya tara jinin. Abu guda da ba za a tsallake ba shi ne kada tamfon ya wuce awa 8 a jiki. Barinsa ya daɗe yana iya jawo wata cuta mai haɗari, ko da yake ba ta da yawa, wadda ke zuwa da zazzaɓi kwatsam, da amai ko gudawa, da jiri, da jan fata. Wadda ta ga haka ta cire shi nan take a kai ta asibiti. Kofin kuwa ana zubar da abin da ya tara a wanke shi bisa umarnin da ke jikin kwalinsa, a kuma tafasa shi a ruwa bayan al'ada ta ƙare.

Me ke kawo ciwon mara, kuma me ya sa wasu ke fama da shi fiye da wasu?

Lokacin da bangon mahaifa ya fara saɓulewa yana fitar da wani sinadari mai suna furostagilandin, wanda ke sa tsokar mahaifa ta matse domin ta tura jinin waje. Idan matsewar ta yi ƙarfi takan danne jijiyoyin da ke kai wa tsokar jini na ɗan lokaci, kuma wannan shi ne murɗawar da ake ji a mara, wani lokaci har baya da cinyoyi. Sinadarin yana shiga jini ya taɓa hanji, shi ya sa wasu ke yin gudawa ko tashin zuciya ko ciwon kai a ranar farko. Wadda jikinta ke fitar da shi da yawa ta fi jin ciwo, kuma wannan ba raki ba ne. Yana da kyau mai jawabin ta faɗi haka a fili a gaban aji, saboda 'yan matan da ba sa jin ciwo sukan zargi masu kwanciya da son jiki.

Wannan ciwo na yau da kullum yana da siffar da ake gane shi da ita. Ba ya cika zuwa da al'adar farko, yakan bayyana wata 6 zuwa 12 bayan an fara, lokacin da gidan ƙwai ya soma sakin ƙwai a kai a kai. Yana farawa sa'o'i kaɗan kafin jini ko tare da shi, ya fi tsanani a rana ta ɗaya da ta biyu, kuma ya lafa kafin kwana 3. Ciwon da ya saɓa wa wannan siffa shi ne abin lura.

Waɗanne hanyoyi ne ke rage ciwon, kuma wane magani ya dace?

Na farko shi ne ɗumi. A zuba ruwan zafi a gora, a naɗe ta da tawul domin kada ta ƙona fata, a ɗora a mara na minti 15 zuwa 20, a maimaita idan an buƙata. Ɗumi yana sassauta tsokar mahaifa. Tafiya a hankali da miƙe jiki suna taimakawa, haka ma isasshen barci, kuma babu dalilin hana ɗaliba wasannin motsa jiki idan ita da kanta tana jin za ta iya.

Idan wannan bai isa ba, maganin da ya fi dacewa shi ne ibufurofen, domin yana hana jiki ƙera furostagilandin tun daga tushe. Ga mai shekara 12 zuwa sama, ana shan miligiram 200 zuwa 400 duk bayan awa 6 zuwa 8, bayan an ci abinci, kuma kada a wuce miligiram 1200 a yini sai da umarnin likita. Lokacin shan yana da tasiri ƙwarai. Maganin yana hana a ƙera sabon sinadari ne, ba ya kawar da wanda ya riga ya taru, saboda haka wadda ta sha da zarar ta ji alamar farko ta ciwo ko ta ga jini, ta ci gaba a kan lokaci na kwana 1 zuwa 2, ta fi samun sauƙi a kan wadda ta daure har ciwon ya kayar da ita sannan ta haɗiyi ƙwaya ɗaya. Da yawa daga cikin masu cewa magani ba ya yi musu aiki, idan aka bincika, a makare suke sha.

Akwai waɗanda ibufurofen bai dace da su ba: mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda, mai asma da irin wannan magani ke tayar mata, mai matsalar daskarewar jini, da wadda ake zaton tana da ciki. Su farasitamol za su sha, gwargwadon shekaru kamar yadda aka rubuta a kwali, ana barin aƙalla awa 4 tsakanin sha da sha, kuma kada a wuce sau 4 a yini. Ba a ba wa mai ƙasa da shekara 16 asfirin, saboda yana iya jawo wata cuta da ke taɓa hanta da ƙwaƙwalwa, sannan yana ƙara zubar jini. Ba a kuma haɗa ibufurofen da dikilofenak a lokaci guda, domin danginsu ɗaya ne, haɗa su yana ƙara haɗarin gyambon ciki ba tare da ƙarin sauƙi ba. A ja musu kunne kan karɓar ƙwayar da ba ta cikin kwalinta daga hannun ƙawa, da kuma magunguna masu sa maye irin su taramadol da kodin, waɗanda ba su da gurbi a maganin ciwon mara na yau da kullum. 'Yan ƙasa da shekara 12 kuwa, babba ne zai auna musu magani bisa shawarar ma'aikacin lafiya.

Wane ciwo ne ya wuce na yau da kullum?

Ciwon da ke hana zuwa makaranta kusan kowane wata, duk da an sha magani a kan lokaci kuma daidai adadi har tsawon al'ada 3 a jere, yana buƙatar likita. Haka ma wanda ke farawa kwanaki da yawa kafin jini ko ya ci gaba bayan ya ɗauke, ko wanda ke ƙara tsananta daga wata zuwa wata, ko wanda ke zuwa da zafi wajen bayan gida ko fitsari a kwanakin al'ada. Ɗaya daga cikin abubuwan da ake nema a irin wannan hali shi ne endometiriyosis, cutar da nama mai kama da bangon mahaifa ke tsirowa a wajen mahaifar, kamar a gidan ƙwai ko bangon ƙugu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana shafar kusan kashi 10 cikin 100 na mata da 'yan mata masu shekarun haihuwa, kuma tana iya farawa tun a shekarun makaranta. Ana yawan jinkirin gano ta saboda an saba gaya wa yarinya cewa kowa ma haka yake ji.

Akwai wani hali kuma da ya kamata a ambata domin waɗanda ba su fara al'ada ba: yarinyar da nononta ya cika, tana jin ciwon mara kowane wata amma jini bai taɓa fitowa ba. Wani lokaci tantanin da ke bakin farji ne ya rufe gaba ɗaya, jinin yana taruwa a ciki, kuma ƙaramin aiki ne ke gyara shi. Ko babu ciwo, wadda ta kai shekara 15 ba ta fara ba, ko ta kai 13 nono bai fara fitowa ba, ko ta yi shekara 3 da fitowar nono ba ta ga jini ba, a kai ta a duba.

Yaya za a gane zubar jini mai yawa? A kawo misali.

Alamomin su ne jinin da ya wuce kwana 7, ko auduga da ke jiƙewa sharkaf duk bayan awa 1 zuwa 2, ko gudajen jini da faɗinsu ya haura santimita 2 da rabi, ko tashi cikin dare domin canzawa, ko haɗa auduga biyu kuma duk da haka jini ya ɓata tufafi. Hanya mafi sauƙi ta koyar da wannan ita ce a rubuta wani misali a allo a bar ajin su yanke hukunci.

A ɗauka wata ɗaliba ce mai shekara 14, wadda ta fara al'ada shekara ɗaya da rabi da suka wuce. A kalandarta jini ya zo ranar 3 ga Maris ya ɗauke ranar 11, ya dawo ranar 29 ga Maris ya ɗauke ranar 6 ga Afrilu, sannan ya sake zuwa ranar 26 ga Afrilu. Sai a tambayi aji tazarar. Daga 3 zuwa 29 ga Maris kwana 26 ne, daga 29 ga Maris zuwa 26 ga Afrilu kwana 28, duka biyun suna cikin ƙa'ida. Nan ne wasu za su ce lafiyarta lau. Sai a ce su ƙirga kwanakin jinin kansa, su tarar kwana 9 ne a duka watannin biyu, wato ya haura 7. A ƙara musu da cewa a rana ta biyu ta canza auduga sau 9, uku daga ciki tsakanin ƙarfe 8 da 11 na safe, kowace a jiƙe. Tana haki idan ta hau bene, tana jin jiri idan ta miƙe da sauri, cikin fatar idonta ya yi fari, kuma tun tana ƙarama takan yi haɓon da ke daɗewa bai tsaya ba, dasashinta kuma yana jini idan ta goge baki.

Hukuncin shi ne a kai ta asibiti cikin wannan makon, kada a jira a ga wata mai zuwa. Haki da jiri da farin ido suna nuna ƙarancin jini, wanda gwaji zai tabbatar, domin ga yarinya mai waɗannan shekaru ana ɗaukar himogulobin, wato sinadarin da ke sa jini ya yi ja, da bai kai giram 12 a kowace desilita ba a matsayin ƙarancin jini. Haɓo da jinin dasashi kuma suna sa a yi zargin matsalar daskarewar jini, kamar cutar von Willebrand, wadda ake gadonta kuma sau da yawa al'ada ce ke fara tona ta. Saboda wannan zargi, kada ta sha ibufurofen ko asfirin kafin likita ya gan ta, farasitamol da ɗumi za ta riƙe. Ta tafi da kalandarta, domin tambayoyin farko da za a yi mata su ne ranakun jini da yawan auduga. Likita na iya ba ta maganin ƙarin jini, wanda ake ci gaba da sha na kimanin wata 3 bayan jinin ya dawo daidai domin ma'ajiyar sinadarin ƙarfe da ke jiki ta cika, tare da maganin rage zubar, ko ƙwayoyin daidaita sinadaran jiki. Yana da kyau a gaya wa aji cewa maganin ƙarin jini yana sa bayan gida ya yi baƙi, kada wata ta tsorata ta daina sha.

Waɗanne alamomi ne ba sa jiran gobe?

Jinin da ke jiƙa auduga kowace awa har awa 2 a jere tare da jiri ko bugun zuciya da sauri, da suma, da ciwon ciki mai tsanani da ya zo kwatsam a gefe ɗaya musamman idan da amai, da ciwon mara tare da zazzaɓi ko ruwa mai wari. Ciwon gefe ɗaya yana iya zama murɗewar gidan ƙwai ko kumburin afendis, kuma duka biyun aikin gaggawa ne. Idan al'ada ta makara sannan aka samu ciwon gefe ɗaya da ɗigon jini, kuma akwai yiwuwar ciki, ana tsoron cikin da ya zauna a wajen mahaifa. Mai sikila kuma ta sani cewa al'ada na iya tayar mata da ciwonta, don haka ta tuntuɓi asibitin da ke kula da ita idan zafin ya bazu zuwa ƙasusuwa ko ƙirji.

Farin ruwan da ke fita tsakanin al'ada da al'ada ciwo ne?

Ruwa fari ko garai-garai, marar wari kuma marar ƙaiƙayi, daidai ne, kuma yakan fara watanni kafin al'adar farko. Wajen tsakiyar wata yakan ƙaru ya yi yauƙi. Wanda ake kai wa asibiti shi ne mai launin kore ko toka-toka ko ruwan ɗorawa mai kauri, ko mai ƙarni, ko mai zuwa da ƙaiƙayi da zafin fitsari. Kada a sayi maganin matsi ko na kashe ƙwayoyin cuta bisa zato, domin cututtukan da ke kawo waɗannan alamomi iri-iri ne, kowace da maganinta.

Idan wata ɗaliba ta tsaya bayan jawabi ta faɗi abin da ya fi ƙarfin aji fa?

Mai jawabin ta tanadi minti 10 bayan an tashi domin wannan, a wurin da wasu ba za su ji ba. Ta saurara ba tare da nuna firgita ko faɗa ba, ta tambayi ranar al'adar ƙarshe, da kwanakin jinin, da maganin da aka sha. Kada ta duba jikin yarinyar a makaranta, kada kuma ta ba ta magani daga jakarta idan ba aikinta ba ne. Idan matsalar zubar jini ce ko ciwo, ta nemi yardar yarinyar ta rubuta wa iyayenta 'yar takarda mai bayyana alamomin da dalilin zuwa asibiti, domin sau da yawa yarinya ba ta iya buɗe baki ta faɗa a gida. Idan kuwa maganar ta shafi cin zarafi ko yiwuwar ciki, kada ta yi alƙawarin rufe sirrin gaba ɗaya. Ta gaya mata a fili wanda dole a sanar da dalilin sanar da shi, sannan ta bi ƙa'idar kare yara ta makarantar a ranar, ta kuma tabbatar an haɗa yarinyar da ma'aikacin lafiya.